Wayar da ke jira ka isa gida kafin ta tuna maka

Lambobin katin wuta guda 20 ne, kuma ba su da amfani a ko'ina sai a gaban mitar gida. Ma'aikaci yakan saye su da rana yana ofis, su shigo masa cikin saƙon waya, ya ce da yamma zai zuba. Idan mai tsari ne ya sa ƙararrawa ƙarfe 5:30. To, ƙarfe 5:30 ɗin ta same shi a cunkoson hanya, ko a wajen ta'aziyya, ko yana tsaye a sahun mai, sai ya danne ƙarar ya mayar da wayar aljihu. Ba zai sake tunawa ba sai tsakar dare, lokacin da fanka ta tsaya, unguwa kuwa ko'ina haske.

Ƙararrawar ba ta yi laifi ba, ta buga a lokacin da aka ce mata. Aikin ne ba na lokaci ba, na wuri ne. Zuba katin wuta, saka takardar makarantar yaro a jaka, miƙa wa akanta rasit, duba ko akwai sauran gas a tukunya, duk ba ruwansu da agogo. Abin da suke jira shi ne mutum ya kasance a wajen. Don irin waɗannan ayyuka ne aka yi tunatarwa mai bin wuri, wadda ke yin shiru har sai wayar ta gane mai ita ya isa gida, ko ya shiga ofis, ko ya bar kasuwa.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da raba tunawa da abin da za a yi nan gaba gida biyu. Gilles Einstein da Mark McDaniel, a bincikensu na 1990, sun bambanta niyyar da ke rataye da lokaci da wadda ke rataye da aukuwar wani abu, kamar ganin mutum ko isa wani waje. Masu ƙirar na'ura sun ɗauki wannan tunani da wuri. A 2005 masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego suka gwada wata manhaja mai suna Place-Its a wayoyin mutum goma na tsawon mako biyu, kuma da turakan sabis kaɗai take gane wuri. Talaka bai san da abin ba sai a 2011, da kamfanin Apple ya sa manhajar Reminders cikin iOS 5. Google ya bi sahu a 2013.

Yau shekaru sun ja, amma har yanzu mutane da yawa da suka gwada sukan ce abin ba ya aiki. Wani ta tashe shi yana kan titi bai ma shigo layinsu ba, wani sai da ya ci tuwo ya kishingiɗa sannan ta yi ƙara, wani ko tari ba ta yi ba. Kusan duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe tushensu ɗaya: waya ba ta san ƙofar gidan kowa ba. Da'ira ta sani.

Lokacin da mutum ya zaɓi wuri, manhajar takan ajiye abu uku: ɗigo a kan taswira, nisan da za a zagaye ɗigon da shi, da kuma ko shiga ake jira ko fita. Daga nan sai ta miƙa wa tsarin wayar amana ta koma barci. Tsarin wayar ne ke lura, idan ya ga an tsallaka layin da'irar daga waje zuwa ciki, ya tashi manhajar ta buga. A iPhone mafi ƙanƙantar da'irar da Reminders ke yarda da ita tana da nisan kusan mita 100 daga tsakiya zuwa baki, wato faɗinta mita 200, kusan tsawon filin ƙwallo biyu. A ɓangaren Android ma, shawarar da Google ke ba masu rubuta manhaja ita ce kada su yi ƙasa da mita 100 zuwa 150. A tsohuwar unguwa mai lunguna, da'ira irin wannan ta haɗiye gidaje da dama, da masallaci, da mai shayi, da shagon mai cajin waya.

Me ya sa ba za a matse ta ba, alhali an ce GPS na iya nuna mutum da kuskuren mita biyar kacal? Gaskiya ne yana iyawa, amma a fili, ƙarƙashin sararin sama. Taurarin ɗan'adam na GPS suna yawo a nisan kilomita kusan 20,200, kuma waya na buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda take. Saƙonsu yakan iso da rauni ƙwarai, rufin kwano ko dakalin siminti ya isa ya kashe shi. Ga kuma shan batir. Da waya za ta bar kunnen GPS a buɗe daga asuba zuwa dare don kawai jiran katin wuta, da caji bai kai la'asar ba.

Saboda haka wayar takan yi dabara. Yawancin lokaci da turakan sabis da waifai take aiki. Ta san turken da take magana da shi, wannan ya ba ta kintace mai faɗi. Sannan tana sauraron na'urorin waifai da ke kewaye, ba sai ta shiga ko ɗaya ba, ba sai ta san kalmar sirrinsu ba. Lambar kowace na'ura da ƙarfin siginarta kawai take dubawa, ta kwatanta da rumbun bayanan da Google ko Apple suka tara na inda kowace take. Inda waifai ke da yawa, kuskuren kan tsaya tsakanin mita 20 zuwa 50. Inda babu, kamar ƙauye ko sabuwar unguwar bayan gari, kintacen turke na iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci, wani lokaci har kilomitoci. Wannan ne ya sa tunatarwa ɗaya za ta yi daidai a ofishin da ke tsakiyar Abuja, ta kuma rikice a gidan gona. A garuruwanmu akwai ƙarin matsala da masu ƙirar ba su cika lissafawa ba: idan aka ɗauke wuta, na'urorin waifai na maƙwabta da ba su da sola ko janareta sukan mutu tare, wayar ta rasa alamomin da ta saba gane unguwar da su.

Kuma ba kowace daƙiƙa take dubawa ba. Kamar mai gadi ne da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa, yana buɗe ido jefi-jefi. Bayanin da Google ya fitar ya ce jinkirin yawanci bai kai minti biyu ba, amma daga Android 8.0 zuwa sama, inda aka taƙaita aikin manhajojin da ke bayan fage, yakan kai minti biyu zuwa uku, kuma idan wayar ta daɗe a ajiye ba motsi yana iya kaiwa minti shida. iPhone kuwa ba ya gaskata tsallaka layi nan take. Sai ya ga an wuce layin da ɗan nisa, an kuma zauna a can na wasu daƙiƙu, don kada rawar sigina ta yaudare shi.

Da wannan da'ira da wannan jinkiri za a iya lissafa abin da zai yi aiki da wanda ba zai yi ba. A ɗauki misalin wata malamar makaranta a Kano, wadda adaidaita sahu ke sauke ta a bakin titi ta taka zuwa gida. Tana da buƙatu uku: ta zuba katin wuta idan ta koma, ta sayi maganin mahaifiyarta a kemis ɗin da ke kan hanya, sannan gobe da safe kada ta bar takardun jarrabawa a gida.

Na farko shi ne mai sauƙi. Ta sa ɗigo a kan gidanta, da'ira mita 150, a buga idan an shigo. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kusan mita 80 a minti ɗaya, don haka daga bakin da'irar zuwa ƙofa tafiyar kusan minti biyu ce. Jinkirin wayar ma kusan hakan ne. Sakamakon shi ne ƙarar za ta same ta tana sallama a zaure ko tana cire takalmi, daidai inda ake so. Abu ɗaya za ta duba: babban titin da take bi. Idan titin ya ratsa gefen da'irar, kuma takan bi shi ta wuce kasuwa ba tare da ta tsaya gida ba, wayar za ta ɗauka ta iso, ta buga tana cikin adaidaita, tunatarwar ta tafi a banza. Maganinsa ba wahala: ta matsar da ɗigon zuwa bayan gida, nesa da titi, yadda gidan zai zauna cikin da'irar, titin ya faɗa waje. Ba dole ba ne gida ya zama tsakiyar da'ira, kuma mutane kaɗan ne suka lura da haka.

Na biyu, wato kemis, a nan lissafi ke juyawa. Abin hawa mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa. Da'irar da faɗinta mita 200 ne zai ratsa ta cikin daƙiƙa 18. Mai yiwuwa wayar ba ta ma buɗe ido ba a tsakanin nan, ta shiga ta fita ba wanda ya sani. Idan kuma ta lura bayan minti biyu, malama ta riga ta wuce kemis da fiye da kilomita ɗaya, ga mai adaidaita ba zai juya ba sai an ƙara masa kuɗi. Wurin da ake wucewa a guje yana buƙatar babbar da'ira, kilomita ɗaya ko fiye, don ƙarar ta zo kafin a iso. Ko kuma, wanda ya fi, ta rataya tunatarwar a kan barin makaranta: da zarar ta fita daga da'irar wurin aiki a ce mata «kemis, maganin Hajiya». Ko an yi jinkirin minti uku tana da sauran hanya a gaba.

Na uku shi ne tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Hankali zai ce a sa «idan na bar gida, tuna mini takardu». Amma a wajen waya barin gida ba fita ƙofa ba ne, fita da'ira ne. Sai malama ta taka mita 150, ta hau adaidaita, a ƙara jinkirin minti biyu a gudun kilomita 30 a awa, wato wani kilomita guda, sannan wayar ta yi ƙara ta sanar da ita abin da ta riga ta manta. Tunatarwar fita ba ta dace da abin da ake ɗauka ba sam. Ta dace da abin da ake yi bayan an fita, kamar kiran gida a ce an taso, ko biyawa wani waje. Abin da za a ɗauka gobe, a rataya shi a kan isowa gida yau: «saka takardu cikin jaka». An mayar da aikin safe mai gaggawa ya zama aikin yamma mai natsuwa, kuma an dora shi a kan irin tsallakawar da waya ta fi iya ganewa.

Duk wannan lissafi ya dogara ga ɗigon ya zauna a inda ya kamata, kuma a nan masu karatu a ƙasar Hausa ke da tasu matsalar. Manhajojin an gina su ne a kan cewa kowane gida yana da lamba da sunan titi da taswira ta sani. Wanda adireshinsa shi ne «bayan gidan mai, layi na uku, gida mai jar ƙofa» idan ya rubuta sunan unguwa, taswira za ta jefa ɗigon a tsakiyar unguwar ko a wani titi mai kama da sunan, wataƙila kilomita biyu daga gadonsa. Daga nan komai ya lalace, kuma ba zai san dalili ba. Hanyar da ta fi ita ce a tsaya a tsakar gida ko ƙofar gida, inda sama ke buɗe, a buɗe taswira a jira shuɗin ɗigon ya natsu, haskensa da ke zagaye ya tsuke, sannan a zaɓi wurin da ake tsaye a matsayin wurin tunatarwa. A yi wa ofis haka ranar da aka je. Aikin minti ɗaya ne, sau ɗaya.

A iPhone matakan gajeru ne. A buɗe Reminders, a rubuta abin da ake so, a shiga bayanansa a kunna Location, a zaɓi wurin, sannan a zaɓi Arriving don isowa ko Leaving don fita. Da'irar za ta fito a taswira, ana iya jan bakinta da yatsa a faɗaɗa. Akwai kuma zaɓin shiga mota da fita daga mota, wanda ba ya aiki da taswira ko kaɗan, haɗuwar wayar da Bluetooth ɗin motar yake jira. Ga mai mota wannan ya fi da'ira saurin amsawa, domin babu kintace a ciki.

Masu Android labarinsu ya ɗan cakuɗe. Shekaru da dama Google Keep ne wurin da kowa ke yin wannan, kyauta. Amma Google ya cire tunatarwar wuri daga Google Assistant, sannan a 2025 ya fara mayar da tunatarwar Keep cikin Google Tasks, wadda lokaci kawai ta sani. Wanda ya nemi maɓallin a Keep bai gani ba, ba wayarsa ce ta lalace ba. Masu Samsung suna da tasu manhajar mai suna Reminder da ke karɓar wuri. Sauran sai su sauko da wata, irin su TickTick ko Tasks.org, ko Todoist wadda ta sa abin cikin tsarinta na biyan kuɗi.

Saukar da manhaja rabin aiki ne, saura izini. Daga Android 10 aka raba izinin wuri gida biyu, na lokacin da ake amfani da manhaja da na kowane lokaci. Yawancin mutane na farkon suke dannawa, kuma a al'ada shi ne daidai. Amma tunatarwar wuri aikinta duka a aljihu take yinsa, allo a kashe, don haka sai an shiga saitin manhajar an zaɓi Allow all the time. Daga Android 12 kuma aka ƙara zaɓin ba manhaja wuri na kintace kawai, wanda ke iya faɗin unguwanni da yawa. Da irin wannan ba a gane da'irar mita 150, sai an kunna Use precise location. A iPhone takwaransa shi ne Precise Location, wanda ya zo da iOS 14, kuma manhajojin da ba na Apple ba suna buƙatar izinin Always.

Sai mai kashe aiki a ɓoye, wato tsimin batir. Wayoyin da suka cika kasuwanninmu, Tecno da Infinix da itel da Redmi, har da Samsung, suna zuwa da tsarin da ke rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage don caji ya daɗe. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas wannan abin so ne, sai dai shi ne ke shaƙe tunatarwa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Alamarsa a fili take: idan tunatarwar ba ta buga ba sai lokacin da aka buɗe manhajar da hannu, to batir ne ya kwantar da ita. A shiga saitin batir na manhajar a sa Unrestricted ko abin da ya yi kama da shi, a kuma ba ta damar tashi da kanta idan an kunna waya, domin a Android da'irorin kan goge idan waya ta mutu, sai manhajar ta sake rajistarsu. Mai yawan share manhajoji da maɓallin tsaftace waya shi ma da hannunsa yake korar ta.

Sauran alamomin ma ana iya karanta su. Idan kullum a wuri ɗaya da ba daidai ba take bugawa, ɗigon ne a karkace. Idan yau ta buga da wuri, gobe a makare, jibi ta buga mutum na zaune a ɗaki bai motsa ba, siginar ce ke rawa, sai a faɗaɗa da'irar, a tabbatar Wi-Fi scanning na kunne ko da ba a da waifai a gida, a bar data a buɗe domin wayar kan buƙaci tambayar rumbun bayanai. Idan kuma an ƙirƙiri tunatarwar isowa gida alhali ana cikin gidan, wasu manhajoji za su buga nan take, wasu su jira a fita a dawo. Kuma akwai iyaka ga adadi: Android na ba kowace manhaja da'ira 100, iPhone kuma 20 ga manhajojin waje, abin da ya ishi yawancin mutane.

Akwai waɗanda tsarin bai yi musu ba ko an gyara komai. Mai shago a ƙofar gidansa, ko malamin da ke zaune a gidajen cikin makaranta, gida da wurin aikinsa duk cikin da'ira guda suke, ba layin da zai tsallaka. Haka wanda ofishinsa ke hawa na uku, banki na hawa na ɗaya: da'ira shimfiɗe take, ba ta san bene ba.

Batun sirri ma bai kamata a tsallake shi ba. Izinin Allow all the time yana nufin manhajar na iya sanin inda mutum yake dare da rana, ga shi kuma da kansa ya nuna mata gidansa da wurin aikinsa. Tunatarwar kanta ba ta buƙatar a ajiye tarihin yawon mutum, wannan saiti ne daban da ake iya kashewa. Amma manhajar da ba a san mai ita ba, mai cike da tallace-tallace, ba ta cancanci wannan izini ba. A ba manhaja ɗaya da aka yarda da ita, a bi jerin sauran a janye.

Inda kuskuren minti biyar ko shiru gaba ɗaya zai jawo illa, kamar shan magani a kan ƙa'ida, ɗauko yaro daga makaranta ko kama jirgi, agogo ne abin dogaro, domin ba ya jiran sigina. Tunatarwar wuri ta fi dacewa da ƙananan ayyukan da ke jiran mutum a gida ko a ofis, waɗanda ba sa lalacewa don an makara kaɗan. Mai son gwadawa ya fara da guda ɗaya, ta isowa gida, da'ira mita 150 zuwa 200, ya lura da inda ƙarar ke samunsa na 'yan kwanaki, sannan ya matsar da ɗigon ko ya gyara faɗin kafin ya ɗora mata abin da ya damu da shi.